Bitar wayafirem na ƙaramar manhajar kasuwa: tambayoyi da amsoshi kan zurfin shafuka da wurin ajiye maɓallai

Amsoshin da ke ƙasa duk suna tafiya ne a kan misali guda. A ɗauka wasu matasa a Kano suna son gina manhajar da mutum zai saka hoton kayan da yake son sayarwa, waya ko firji ko keken ɗinki, wanda yake so ya gani ya kira shi su yi ciniki. Babu biyan kuɗi a cikin manhajar, babu kai kaya gida. Sun zana shafuka 14, sun kawo a duba kafin mai rubuta manhaja ya fara aiki. Abu biyu ake dubawa: nisan da mutum zai yi kafin ya kai ga buƙatarsa, da kuma inda aka ajiye maɓallan da ciniki ya dogara a kansu.

Mene ne wayafirem, kuma me ake nema idan ana bitarsa?

Wayafirem zane ne na tsarin kowane shafi na manhaja, ba launi, ba hoto na gaske, ba ado. Akwati mai giciye a ciki yana nufin nan hoto zai zauna, layuka suna nufin rubutu, ƙaramin akwati mai suna yana nufin maɓalli. Ana iya yin sa da biro a takarda, ana iya yi a manhajojin zane irin su Figma ko Balsamiq. An cire adon ne da gangan don kada hankalin masu dubawa ya tafi kan ko shuɗi ya fi kore kyau.

A wajen bita tambaya ɗaya ce ke gaba: mutumin da bai taɓa ganin manhajar nan ba, zai iya yin abin da ya kawo shi? Gyara a wannan mataki goge layi ne da sake zanawa, aikin mintuna. Idan aka bari har aka rubuta manhajar, gyara iri ɗaya zai ci kwanaki, kuma a lokacin kowa ya riga ya saba da kuskuren, sai ka ji ana kare shi.

Ta ina ake fara bitar? Shafi na farko?

A'a. Wannan ita ce hanyar da ta fi ɓata lokaci. Idan aka bi shafuka ɗaya bayan ɗaya, kowanne zai yi kyau shi kaɗai, don matsalar ba a cikin shafi take zama ba, tana zama ne a tsakanin shafuka.

A fara da rubuta ayyukan da mutane za su zo yi, a jumlar da mutum zai faɗa da bakinsa. A manhajarmu guda huɗu sun isa a fara da su: ina neman waya Tecno ta hannu wadda ba ta wuce naira dubu tamanin ba, in kira mai ita; ina son saka firjina a kasuwa; na riga na sayar da firjin, ina son a daina kirana; wani ya nemi in tura masa kuɗi kafin in ga kaya, ina son kai ƙararsa. Sai a shimfiɗa shafukan 14 a tebur ko a allo guda, a ɗauki aiki na farko, a bi shi da yatsa daga inda manhaja take buɗewa har zuwa ƙarshe. Duk inda aka danna, a sa alama. Duk inda aka tsaya ana tunanin wanne za a danna, a sa wata alamar daban. Alama ta biyun ta fi ta farko muhimmanci.

Idan an gama ayyukan duka, a duba ko akwai shafin da yatsa bai taɓa bi ta kansa ba. Irin wannan shafi sai ya kawo hujjar zamansa.

Yaya ake ƙirga zurfi?

Shafin da manhaja take buɗewa a kai shi ne sifili. Duk sabon shafin da ya rufe wanda ya gabace shi, a ƙara ɗaya. Ga yadda aikin neman waya ya kasance a zanen matasan nan: daga Gida a shiga Rukunoni, daga nan Kayan lantarki, sai Wayoyi, sai a zaɓi kamfani, sai jerin kaya ya fito, sai a buɗe shafin wayar, sai a shiga shafin mai sayarwa, a can ne lambar kira take. Shafin mai sayarwa yana zurfi na 7, dannawar kira ita ce ta 8.

Amma lambar ba ita ce ta fi damuna a wannan hanya ba. Shafuka huɗu na farko, wato Rukunoni, Kayan lantarki, Wayoyi da zaɓen kamfani, babu ko ɗaya da ya nuna wa mutum waya. Sau huɗu ana yi masa tambaya, ba a ba shi komai ba. Ga wanda datarsa ta kusa ƙarewa ko sabis ɗin unguwarsu ke rawa, kowane shafi jira ne, kuma kowane jira dama ce ta ya rufe manhajar ya koma rukunin WhatsApp inda ake turo hotunan kaya kai tsaye. Don haka bayan ƙirga zurfi sai a ƙirga abu na biyu: a mataki na nawa mutum ya fara ganin kaya na gaske da farashinsa? A manhajar kasuwa amsar da ta dace ita ce sifili, wato tun a shafin farko, ko kuma ɗaya.

Bayan gyara hanyar ta koma haka: a Gida akwai gurbin bincike a sama, rukunoni takwas a ƙarƙashinsa, sai sababbin kaya. An danna Wayoyi, jerin wayoyi ya fito nan take, kamfani da farashi da unguwa suka koma ƙananan maɓallan tacewa a saman jerin. An buɗe waya ɗaya, maɓallin kira yana nan a ƙasan shafin. Zurfi ya dawo 2, kira shi ne dannawa ta 3, ko ta 5 ga wanda ya tace da kamfani da farashi. Ba a rasa komai ba. Tambayoyin da ake tilasta wa kowa ya amsa ne suka zama na ganin dama.

An ce kada komai ya wuce dannawa uku. Gaskiya ne?

Magana ce da ta yaɗu, amma ba ta da bincike a bayanta. A 2003 Joshua Porter ya duba bayanan mutum 44 da suka yi ayyuka 620 a shafukan intanet, bai ga cewa mutane sun fi barin aiki bayan dannawa ta uku ba. Wasu sun ci gaba har sun haura dannawa ashirin. Abin da ke korar mutum shi ne ya danna bai san ko yana kan hanya ba.

Illar wannan doka a wajen bita ita ce tana sa a cusa komai a shafin farko don a rage lamba. Dannawa biyar da mutum ya yi ba tare da tsayawa ba sun fi biyu da sai ya karanta abu talatin kafin ya zaɓa. Ni dai yadda nake amfani da lamba shi ne a matsayin ƙararrawa: idan babban aiki ya wuce zurfi na 3, a tsaya a tambayi kowane mataki me ya ƙara wa mai amfani. Wanda ya ƙara wani abu ya zauna. Aikin da ba a cika yi ba, kamar sauya lambar waya, yana iya zama a zurfi na 3 ko 4 ba laifi.

Rukunoni kaɗan masu rassa da yawa, ko rukunoni da yawa a fili?

Lissafin yana da sauƙi. Idan kana da nau'in kaya 64, za ka iya shirya su huɗu-huɗu a hawa uku, ko takwas-takwas a hawa biyu. Na farko ya fi kyan gani a takarda, na biyu ya fi aiki. A 1998 Kevin Larson da Mary Czerwinski sun gwada irin wannan da abubuwa 512, suka ga mutane sun fi saurin samun abin da suke nema a tsari mai hawa biyu fiye da mai hawa uku na takwas-takwas. A kwamfuta suka yi gwajin, kuma fuskar waya ba ta ɗaukar jerin da ya kai nasu tsawo, amma dalilin bai sauya ba.

Dalilin kuwa shi ne, duk lokacin da aka rage rukunonin sama, dole sunayensu su zama na gama-gari, sunan gama-gari kuma ba ya gaya wa mutum abin da ke ciki. A zanen matasan nan firji yana ƙarƙashin Kayan lantarki. To amma akwai kuma Kayan gida. Matar da ke neman firji wanne za ta danna? Janareto fa? Keken ɗinki, kayan gida ne ko kayan sana'a? Duk wanda ya yi kuskure a hawa na farko zai sauka har ƙasa kafin ya gane, sannan ya hauro ya sake. Wanda ya shiga Kantin Kwari neman shadda ba ya tambayar ina sashen tufafi, sunan abin da yake so yake faɗa a nuna masa layi. Haka rukunonin shafin farko ya kamata su kasance: Wayoyi, Firji da fanka, Gado da kujeru, Babura, sunayen da mutum zai gane kayansa a ciki.

Hanyar gwada wannan ba ta buƙatar manhaja. A rubuta sunayen kaya talatin a ƙananan takardu, a ba mutum biyar ko shida kowa ya raba su kashi-kashi yadda ya ga dama, ya ba kowane kashi suna. Inda suka haɗu, rukuni ya samu. Kayan da suka rabu a kansa, a sa shi ya fito a wurare biyun.

Akwai kuma abin da sabuwar manhaja ke mantawa. A watan farko kayan da ke ciki ba za su yi yawa ba. Idan kaya 200 aka raba cikin rassa 64, kowane reshe zai samu kamar uku, wasu ba komai. Mutum ya sauka hawa uku ya tarar da wayam, ya tafi da cewa babu kowa a manhajar. Rukunoni takwas masu kaya ashirin da wani abu kowanne sun fi nuna kasuwa tana ci.

Me ya kamata ya zauna a layin maɓallan ƙasa?

Ƙa'idar Material Design ta Google ta ce wurare uku zuwa biyar. Da ma'aunin dp ake auna girman abubuwa a fuskar Android. Faɗin fuskar wayoyin Android da yawa 360dp ne, idan aka raba biyar kowanne zai samu 72dp, wanda ya isa alama da gajeren suna. Na shida zai matse su har sunaye su fara yankewa.

Matasan sun sa Gida, Rukunoni, Sanarwa, Saituna da Ni. Maɓallin saka kaya kuwa yana cikin Ni, ƙarƙashin Kayana. Wannan shi ne kuskure mafi tsada a zanen gaba ɗaya. Kasuwar da babu masu kawo kaya ba ta da abin da za ta nuna wa masu saye, amma an ɓoye ƙofar masu kawo kayan a zurfi na 2, yayin da Saituna, da mutum zai buɗe sau ɗaya ko ma ba zai buɗe ba, ya samu kujera a gaba. Bayan gyara layin ya zama Gida, Ajiyayyu, Saka kaya a tsakiya, Saƙonni, Ni. Rukunoni sun shige Gida, Saituna ya shige Ni.

Kowace alama a sa mata suna a ƙarƙashi. Alamar gida da ta gilashin bincike mutane sun saba da su, amma zuciya ko tauraro ko alamar ƙari kowa da yadda yake fassara su. Sannan a rubuta ainihin kalmomin da za su fito a manhajar tun a wayafirem. Idan da Hausa za ta fito, kada a ajiye Saya da Sayar kusa da juna, harafi ɗaya ne ya raba su kuma mai sauri ba zai lura ba. Shi ya sa muka zaɓi Saka kaya.

Menu mai layi uku a kusurwar sama fa? Yana rage cunkoso.

Yana ragewa, ta hanyar ɓoye abubuwa. Abin da ba a gani ba a cika tunawa da shi. Ya dace da Taimako, Sharuɗɗa da Fita. Duk aikin da ke cikin jerin manyan ayyukanka, idan ka same shi a can lokacin bita, ka fito da shi.

A shafin kaya, ina maɓallin kira zai zauna?

Nan ne ciniki yake ƙulluwa ko ya warware, don haka a yi lissafinsa da lamba, kada a dogara da ido. Masu zane suna yawan zana shafin kaya a matsayin dogon zane guda, komai a bayyane daga hoto har ƙasa. A waya ba haka yake fitowa ba. A ɗauki fuska mai faɗin 360dp da tsawon 800dp. Layin agogo da batir na sama zai ci kamar 24, kan shafi 56, hoto murabba'i 360. An kai 440. Sunan kaya da farashi su ci 80, unguwa da ranar da aka saka 40, an kai 560. Bayanin da mai kaya ya rubuta ya ci 200, an kai 760. Maɓallan komawa na Android a ƙasa suna cin 48, saboda haka abin da ido ke gani ya ƙare a 752. Duk maɓallin da aka ajiye bayan bayanin kaya ba a ganin sa sai an ja shafin. A tsofaffin wayoyi masu tsawon 640dp, da kyar ma farkon bayanin zai leƙo.

Saboda haka abu na farko a bitar wannan shafi shi ne a ja layi a kan zanen daidai inda fuskar ƙaramar waya ta ƙare, a ga me ya faɗo ƙasa da shi. Mafita ita ce a manne maɓallin a ƙasan fuska, ya tsaya a wurinsa ko ana jan shafi. A misalinmu maɓallai biyu ne a can: Kira, da Tura saƙo. Ɗaya ne zai zama cikakke mai duhu, ɗayan mai zobe kawai, don ido ya san wanne ne babba. Wanne ne babban, masu saye da sayarwa za a tambaya. Inda mutane da yawa suka fi sakewa da magana a kan rubutu, kira ko saƙon murya zai yi gaba. Amma akwai mata masu sana'a a gida da ba sa son lambarsu ta fito ga kowa, don haka wayafirem ya nuna yadda shafin zai kasance idan mai kaya ta zaɓi saƙo kaɗai.

Idan aka manne waɗannan maɓallai, layin Gida da Saƙonni ya ɓace daga wannan shafi. Layuka biyu a jere a ƙasa za su cinye fuskar, kuma yatsan da ya nufi Kira zai riƙa faɗawa kan Saka kaya.

Farashi ya kasance sama da layin da aka ja, tare da unguwa. Mutumin Hotoro zai so ya san ko firjin yana Kurna ne kafin ya ɓata katinsa.

Me ya sa ake ta cewa ƙasan fuska? Sama ba ta fi fitowa ba?

Saboda babban yatsa. A 2013 Steven Hoober ya lura da yadda mutane ke riƙe waya a wurare daban-daban, sau 1,333. Daga cikin waɗanda ke taɓa fuskar, kashi 49 cikin ɗari da hannu ɗaya suke yi, kashi 36 suna tallafe wayar da hannu ɗaya suna dannawa da ɗayan, kashi 15 da hannu biyu. Wayoyin wancan lokaci ƙanana ne idan aka kwatanta da Tecno da Infinix na yanzu da suka haura inci shida. Kusurwar sama ta ƙara nisa, mai shago kuma yana iya riƙe kaya a ɗaya hannun yana ɗaukar hoto.

Girma ma yana cikin lissafi. Tun 1954 Paul Fitts ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya kai kan abu yana ƙaruwa da nisansa, yana raguwa da girmansa. Google ta ba da shawarar kada wurin dannawa ya gaza 48dp a kowane gefe, Apple ta ce 44pt a nata ma'aunin. Alamar tana iya zama ƙarama, amma filin da ke amsa yatsa ya kai haka. A zanen matasan, zuciyar ajiye kaya da ke kusurwar kowane hoto 24dp ce, a kan katin da shi ma ana danna shi. Mai son ajiyewa zai riƙa buɗe shafin kaya ba da niyya ba.

Nisan yana da nasa amfanin. Abin da ba a son a danna bisa kuskure, kamar Goge talla, can sama ya dace da shi, cikin menu, tare da tambayar tabbatarwa.

Saka kaya: shafi ɗaya mai tsawo ko matakai?

A nan zurfi ba abin tsoro ba ne, don mutum ya riga ya yanke shawara kuma hanya ɗaya ce a gabansa. Matasan sun zana shafi ɗaya mai gurabe 13, har da launi, shekarar saye da adireshin imel. An mayar da shi matakai uku: hotuna, sannan suna, rukuni da farashi, sannan unguwa da yadda za a tuntuɓe ka. Sauran guraben suka zama na ganin dama. Hoto ne farko saboda shi ne abu mafi sauƙi, kayan yana gabanka, kuma wanda ya riga ya ɗauki hoto huɗu ba ya son barin aikin a banza.

Abu uku nake dubawa a waɗannan matakai. Shin an nuna mataki na nawa ake, kamar 2 cikin 3? Shin idan aka koma baya abin da aka rubuta yana nan? Sai na uku, wanda kusan kullum ake mantawa: allon rubutu. Da zarar an taɓa gurbin farashi, allon zai taso ya rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na fuska, daidai inda maɓallin Ci gaba yake. Dole a zana shafin sau biyu, da allon a buɗe da kuma a rufe, a nuna cewa maɓallin yana hawa samansa. A kuma rubuta a gefe cewa gurbin farashi allon lambobi zai buɗe.

Hotuna suna da nauyi, sabis kuma yana yankewa. Wayafirem ya nuna abin da mai kaya zai gani idan hoto na uku ya ƙi hawa, da inda tallan da bai gama ba zai jira shi.

Yaushe za a nemi mutum ya yi rajista?

Ba a bakin ƙofa ba. A zanen farko, shafuka uku ne kafin Gida: maraba, lambar waya, sai lambar tabbatarwa da ake turowa ta saƙo. Wannan zurfi ne da ba a ƙirga ba, kuma shi ne mafi haɗari, don saƙon yana iya jinkiri alhali mutum bai ga kaya ko ɗaya da zai sa ya haƙura ya jira ba. A bar kowa ya shiga ya duba. A nemi lamba lokacin da zai saka kaya, ko tura saƙo, ko ajiye abu.

Sai a bi kibiyar da ta fito daga shafin tabbatarwa a ga ina ta nufa. Idan mutum yana kan wata waya ya danna Tura saƙo aka ce ya yi rajista, bayan ya gama a mayar da shi kan wayar nan da gurbin saƙo a buɗe. Zanuka da yawa Gida suke mayar da shi, ya sake nema daga farko.

Komawa baya ma ana bitarsa?

Sosai, don mai saye ba ya tafiya a miƙe. Yana buɗe waya ɗaya, ya koma jeri, ya buɗe ta biyu, ya koma, haka har goma. Wannan shiga da fita shi ne motsin da aka fi yi a manhajar kasuwa. Idan duk komawa tana goge tacewar da ya yi ko tana mayar da shi saman jerin, to hanyar da aka ƙirga dannawa uku ta zama talatin. A rubuta a jikin wayafirem ƙarara cewa jerin yana riƙe tacewa da wurin da aka tsaya, don mai rubuta manhaja ba zai yi hasashen haka da kansa ba.

A kuma tuna ba kowa ke shigowa ta Gida ba. Mai kaya zai tura mahaɗin tallansa a WhatsApp, wanda ya danna zai faɗo tsakiyar manhaja, kan shafin kaya. Daga nan ina hanyarsa ta ganin sauran kaya? Idan amsar ita ce babu, shafin yana buƙatar hanyar zuwa Gida a sama da kaya makamanta a ƙasa.

An sayar, da kai ƙara: ina wurinsu?

Waɗannan biyun ba a cika danna su ba, amma ingancin kasuwar a kansu yake. Idan alamar An sayar tana da wahalar samu, masu kaya ba za su neme ta ba, jerin zai cika da kayan da suka daɗe da tafiya, mai saye ya kira mutum uku duk a ce masa an sayar, ya daina buɗe manhajar. A zanen farko sai an bi Ni, Kayana, buɗe tallan, Gyara, sannan a ja ƙasa. Bayan gyara, maɓallin yana jikin kowane kati a Kayana. Haka kuma idan mai kaya ya buɗe tallansa, a wurin da wasu ke ganin Kira shi An sayar da Gyara yake gani. Wato shafin kaya yana da zane biyu, na mai saye da na mai shi, kuma duka biyun sai an kawo su wajen bita.

Kai ƙara kuwa ya zauna inda abin ke faruwa, a shafin kaya da cikin hira, ba a Taimako ba. Gargaɗin kada a tura kuɗi kafin ganin kaya ya fito dab da maɓallin kira, a layi ɗaya gajere.

Mu da muka zana mun duba ba mu ga matsala ba. Ya isa?

Bai isa ba, don kun san inda komai yake. Ku buga shafukan a takarda daidai girman waya, ku samu wanda ke saye da sayarwa da gaske, mai shagon waya a Farm Centre ko mai sayar da atamfa daga gida. Ku ce masa: Malam, ga firjinka kana son sayarwa, nuna mana inda za ka taɓa. Ɗayanku ya riƙa sauya takardar daidai da abin da ya taɓa, ɗaya ya riƙa rubutawa, kuma kowa ya kama bakinsa. Kada jumlar aikin ta ƙunshi sunan maɓallin. Idan kuka ce saka kaya alhali maɓallin sunansa ke nan, kun ba da amsa.

Jakob Nielsen ya rubuta a 2000 cewa mutum biyar suna bankaɗo kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani. Lissafin ya shafi mutane masu buƙata iri ɗaya, ku kuwa kashi biyu gare ku, don haka ku nemi uku ko huɗu daga masu saye, haka daga masu sayarwa. Ku lura da taɓawar farko a kowane aiki, da inda yatsa ya tsaya a iska. Mutane suna da kunya da kara, za su ce muku ya yi kyau, Allah ya sa albarka, ko da sun ɓace sau uku. Abin da yatsa ya yi za ku rubuta.

Yaya ake rubuta sakamakon bita?

Kowace matsala a layi ɗaya ko biyu: wane aiki, wane shafi, me ya faru, me ake ba da shawara. Misali: aikin kira, shafi na 7, lamba tana shafin mai sayarwa, mutum uku cikin huɗu sun ja shafin kaya har ƙasa suna nemanta, a manne Kira a ƙasan shafi na 6. A jera su bisa nauyi, wanda ke hana aiki kammaluwa a sama, wanda ke jinkirta shi a tsakiya, na son rai a ƙasa. A misalinmu uku na sama su ne rajistar bakin ƙofa, ɓoyayyen Saka kaya, da Kira mai nisa. Bayan gyara shafuka 14 sun koma 11 duk da an ƙara matakan saka kaya, sai aka sake bin ayyukan huɗu da yatsa daga farko, don matsar da maɓalli ɗaya yana iya toshe hanyar wani aikin.